Kundin aiki: rumbun jimlolin amsa imel na ofishin kago a Jidda

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

An buɗe aikin yau. Ofishin yana tura kaya daga Jidda zuwa Kano da Yamai, ta sama da ta ruwa, kuma mutum huɗu ne ke amsa imel daga akwati ɗaya na Gmail. Yawancin wasiƙun da Hausa suke, kaɗan da Larabci ko Turanci. Rumbun na Hausa za a fara ginawa, domin a nan ne hannu ya fi sakewa: mai amsa yakan rubuta wa kwastoma kamar yadda zai yi wa abokinsa magana a bakin sito.

Matakin farko shi ne tattaro kalaman da ake son a daina. Ba a tambayi ma'aikata su lissafo su da ka ba, don ba mai tuna kalamin da ya riga ya zame masa jiki. An shiga akwatin wasiƙun da aka aika, an karanta na wata uku na baya, ana kwafe duk jimlar da kwastoma ya mayar wa martani cikin fushi, ko wadda ta sa ya sake aiko tambayar da ya riga ya yi. Wannan ma'auni na biyu ya fi amfani. Jimlar da ta sa mutum ya sake tambaya ba ta yi aikinta ba, ko da babu rashin ladabi a cikinta.

Wajen bincike dole a nemi kowace kalma iri biyu, da ƙugiya da babu, saboda wasu suna rubuta "haƙuri" wasu "hakuri":

```
in:sent ("haƙuri kawai" OR "hakuri kawai") newer_than:3m
```

Alhamis, 9 ga Janairu

Abin da aka tara ya kasu gida huɗu. Akwai na ture laifi: "ba laifinmu ba ne", "ba ruwanmu da kwastan", "ka tambayi na Kano". Akwai na gori: "ai na faɗa maka", "ka sake karanta rasit ɗinka", "ba ka gane ba ne". Akwai na rufe ƙofa: "haka ƙa'ida take", "ba yadda za a yi". Na huɗu shi ne alkawarin da ba shi da rana: "yana hanya", "kwanan nan in sha Allahu", "za mu duba".

Gida na huɗun ne ya fi yawa, kuma shi ne ma'aikata ba su ɗauka laifi ba, tunda babu zafi a cikinsa. Amma a zaren wasiƙu, kusan duk inda aka ga "ai na faɗa maka", idan aka koma sama za a tarar da "yana hanya" sau biyu ko uku kafinsa. Kwastoma ya yi ta tambaya saboda ba a ba shi rana ba, mai amsa ya gaji, sai gori ya fito. Don haka gyaran zai fara daga na huɗu.

Talata, 14 ga Janairu

An gwada fasali mafi sauƙi: jadawali mai gida biyu, hagu "kada a ce", dama "a ce". Bai yi ba, kuma dalilin ya cancanci a rubuta shi. "Ba laifinmu ba ne" ya koma "Muna ba ku haƙuri bisa wannan jinkiri da ya fi ƙarfinmu." Jimlar ta yi laushi, amma Hajiyar da ke jiran kwali shida na abaya kafin biki ba ta ƙaru da komai ba. Ba ta san inda kayan suke ba, ba ta san ranar da za ta sake jin labari ba. Sannan kalami ɗaya yana fitowa a yanayi daban-daban. Ana cewa "ba laifinmu ba ne" idan kwastan sun riƙe kontena, ana faɗinsa idan kwali ya jiƙe, ana faɗinsa idan mai karɓa a Kano ya kashe waya. Amsa ɗaya ba za ta ɗauki ukun ba.

An sake fasalin. Yanzu kowane layi a Google Sheets yana tafiya da yanayi, ba da kalami ba, kuma yana da gida bakwai: lambar layi, yanayin, kalaman da aka saba yi a wurin, sabuwar amsa, bayanan da dole a nemo kafin a aika, wanda ke da ikon aikawa, da ranar da aka duba layin ƙarshe. Sharaɗin shiga rumbu kuwa shi ne amsa ta faɗi abu uku: me ya faru, wa zai yi mataki na gaba, da yaushe. Wadda ta rasa ɗaya ba ta shiga, komai daɗinta.

Lambobin suna da harafi a gaba: J na jinkiri, K na kuɗi, L na lalacewa ko ɓata, H na kayan da ba a ɗauka, T na takardu. Amfanin lambar shi ne mai kula da ofis ya iya cewa "a tura masa J3" ba tare da dogon bayani ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Mako guda ya tafi a kan layi ɗaya, K2, kuma bai tafi a banza ba, domin shi ne ya zama abin koyi ga sauran. Yanayin: kwastoma ya auna kwalinsa a gida ya ga kilo 12, rasit ya zo masa da kuɗin kilo 20. Yana rubutowa da zargin an yi masa coge a sikeli. Amsar da aka saba ba shi ita ce "haka ƙa'ida take, ka tambayi kowa."

Gaskiyar lamarin ita ce a kagon jirgin sama ana duba nauyi biyu, na sikeli da na girma, a caji wanda ya fi. Ana samun na girma ta hanyar ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 6,000. Kwalin barguna mai 60 da 50 da 40 ya ba da 120,000, a raba da 6,000 ya zama kilo 20. Ma'aikata sun san wannan sarai, amma rubuta shi kowane lokaci yana cin minti biyar, shi ya sa suke gudu zuwa "ƙa'ida". Ga yadda layin ya tsaya, duk inda aka ga ZZZ gurbi ne da mai amsa zai cike:

"Assalamu alaikum ZZZ LAƘABI. Awonku daidai ne, kwalin ya yi kilo ZZZ SIKELI a sikelinmu ma. Sai dai jirgin sama yana cajin wurin da kaya suka cinye idan ya fi nauyinsu. Kwalinku ya auna ZZZ TSAWO da ZZZ FAƊI da ZZZ TSAYI a santimita. Idan aka ninka su aka raba da 6,000 ya ba da kilo ZZZ GIRMA, shi ne abin da ke kan rasit. Idan kuna so, za mu iya sake ɗaure kayan a ƙaramin kwali mu sake awo kafin ZZZ RANA, ko mu mayar da su layin ruwa. Wanne kuka zaɓa?"

Abu uku aka yi gardama a kansu. Na farko, jimlar "awonku daidai ne". Wasu sun ga kamar amsa laifi ce. Ba haka ba ne: mutumin ya yi gaskiya a abin da ya auna, kuma muddin ba a tabbatar masa da hakan ba, ba zai karanta lissafin da ke biye ba, zai ci gaba da kare sikelinsa. Na biyu, an cire "kamar yadda kuka sani" daga farkon bayanin, domin da ya sani da bai tambaya ba, kuma kalamin ƙanen "ai na faɗa maka" ne sanye da babbar riga. Na uku, tayin sake ɗauri ba ya yiwuwa idan kaya sun riga sun bar sito. Saboda haka aka raba layin biyu: K2a kafin tashi, K2b bayan tashi. A K2b babu tayin komai sai lissafin da hoton awon da aka ɗauka ranar karɓa, da shawarar matse barguna da tufafi a leda mai zuƙe iska a karo na gaba. A gidan "bayanan da dole a nemo" an rubuta: hoton kwali da tef ɗin awo a jikinsa. In babu hoton, ba a aika K2b, sai a miƙa wa mai kula da ofis.

Lahadi, 26 ga Janairu

An yanke maganar "ka", "ki" da "ku". Duk rumbun zai tafi da "ku". Girmamawa ce, kuma tana kawar da kuskuren da ya fi kowanne ban kunya, wato a rubuta wa Hajiya "ka turo" saboda an kwafo amsar da aka yi wa wani Alhaji. Laƙabi kuwa ana ɗaukarsa daga yadda mutum ya sa hannu a wasiƙarsa ko yadda aka rubuta a rasit: Alhaji, Hajiya, Malam, Malama. Idan babu, sallama kaɗai ta isa. Ba a laƙaba wa mutum abin da bai kira kansa da shi ba, kuma "yallaɓai" da "ranka ya daɗe" ba su shiga ba, don a wasiƙar ƙorafi suna iya fitowa kamar ba'a.

"In sha Allahu" yana nan, ba wanda ya nemi a cire shi. Sharaɗin dai shi ne ya biyo bayan rana, kada ya zauna a madadinta. "Za mu rubuto muku ranar Talata in sha Allahu" ya shiga. "Kwanan nan in sha Allahu" bai shiga ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Gurbin ZZZ RANA ya fito da matsalar da Janairu ya ɓoye. A bana 1 ga Rajab 1446 ta faɗo daidai da 1 ga Janairu, don haka duk wanda ya rubuta "20 ga wata" ya yi daidai a lissafin biyu. Da Sha'aban ya kama ranar 31 ga Janairu sai suka rabu: yau 3 ga Fabrairu, 4 ga Sha'aban. Wasu daga cikin ma'aikatan da aka haifa a nan da watan Musulunci suke lissafi, mai karɓa a Kano kuma yana duba kalandar wayarsa. An kafa doka: a rubuta sunan rana, lamba, da sunan watan Miladiyya a cike, kamar "Talata, 11 ga Fabrairu". Ba "11/2" ba, ba "ga wata" ba.

Haka "kwana biyu na aiki" ya fita daga rumbu gaba ɗaya. Hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne tun 2013, na Najeriya Asabar da Lahadi. Idan aka rubuta ranar Laraba cewa za a amsa cikin kwana biyu na aiki, ofishin Jidda yana nufin Lahadi, ɗan kasuwar Kantin Kwari yana jiran Juma'a. Ranar Asabar zai rubuto da zafi, kuma yana da gaskiya a lissafinsa. Sa'a ma sai an faɗi agogon wa: Jidda tana gaban Kano da Yamai da awa biyu, ƙarfe 4 na yamma a nan ƙarfe 2 ne a can. An zaɓi a riƙa rubuta agogon inda kwastoma yake.

Layin J1 ya samu gyara mai muhimmanci a wannan zama. Ofis ba shi da iko da ranar da kwastan za su saki kontena a Legas, don haka ba zai yi alkawarin ranar isowa ba. Abin da yake da iko da shi shi ne ranar da zai sake ba da labari:

"Kontenar da kayanku ke ciki, mai lamba ZZZ LAMBA, ta sauka tashar Legas ranar ZZZ SAUKA, yanzu tana jiran binciken kwastan. Ranar fitarta ba a hannunmu take ba, shi ya sa ba za mu yanke muku ita ba. Wakilinmu yana bibiya, kuma za mu rubuto muku halin da ake ciki ranar ZZZ RANA in sha Allahu, ko ta fito ko ba ta fito ba."

Ƙarshen jimlar nan nauyi ne a kan ofis. Duk wanda ya aika J1 dole ya danna Snooze a kan zaren zuwa ranar da ya ambata, domin wasiƙar ta dawo saman akwati da safe. J1 da aka aika ba a cika ba ya fi "yana hanya" muni, tunda yanzu akwai rana a rubuce.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An ɗora layuka 24 a Gmail. Ana kunna wurin adana shiryayyun amsoshi ne daga Settings, sai Advanced, sai Templates. Sunan kowanne yana farawa da lambarsa don su yi sauƙin nema. Abubuwan da suka ba da wahala:

Idan aka adana amsa alhali sa hannun ofis yana ƙasanta, yana shiga ciki, sai ya fito sau biyu a wasiƙa. Ana goge shi kafin adanawa. Kwafowa kai tsaye daga jadawali kuma tana janyo rubutu mai wani girma daban da na sallama, abin da ke tona cewa liƙawa aka yi. Ctrl+Shift+V yana liƙa rubutu zalla. Templates a kwamfuta kaɗai suke aiki, manhajar waya ba ta nuna su, ga shi mai kula da sito daga waya yake amsawa. An ba shi layuka biyar da ya fi bukata a cikin manhajar rubutun wayarsa, sauran kuma ya bar wa na ofis.

Sai haruffa masu ƙugiya. An sauke jadawalin a matsayin CSV aka buɗe da Excel ta danna shi sau biyu, sai ƙ da ɗ da ɓ suka rikiɗe suka zama tarkace. Fayil ɗin lafiyarsa lau, Excel ne bai karanta shi a UTF-8 ba. Ana shigo da shi ta Data, From Text/CSV, a zaɓi UTF-8, ko a sauke shi a xlsx tun farko. An zaɓi na biyun.

Dalilin ZZZ a gaban kowane gurbi shi ne binciken Gmail ba ya kula da alamomi irin baka, don haka gurbin da aka kewaye da su ba a iya nemo shi idan ya tsere. ZZZ kalma ce da ba ta cikin Hausa, ana iya kamo ta:

```
in:sent zzz newer_than:7d
```

An kuma ɗaga Undo Send, wato damar janye wasiƙa bayan an aika, zuwa daƙiƙa 30, iyakar abin da Gmail ke bayarwa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Binciken mako ya kamo wasiƙu biyu da suka fita da gurbi a buɗe, duka K2a, mai gurbi bakwai. Gurbi ya yi yawa ido yana tsallake ɗaya. An haɗe tsawo da faɗi da tsayi suka zama gurbi ɗaya, ZZZ AWO, kuma an sa iyaka: kada layi ya wuce gurbi biyar. A ɗaya gefen, layin da ba shi da gurbi ko ɗaya abin zargi ne, alama ce ta ladabi marar bayani. An sa wannan a gida na takwas don ya riƙa nuna su:

```
=IF(REGEXMATCH(D2,"ZZZ"),"","BA GURBI")
```

Ya nuna uku. Biyu an sake su. Na ukun, H1, an bar shi haka, domin bayanin cewa ofis ba ya ɗaukar ruwan Zamzam a kago ba ya canzawa da mutum. H2 da H3, na turare mai barasa da na batirin lithiyam a jirgin sama, suna da gurbi saboda ana gaya wa mai kaya ranar da zai zo ya karɓi abinsa ko ya amince a cire shi daga kwali.

Wata matsala ta fi gurbi wuyar kamawa. Wani kwastoma ya karɓi J1 sau uku a jere, kalma da kalma, rana kawai ke sauyawa. A karo na ukun ya amsa da cewa shi ba da inji yake ciniki ba. An ƙara J1b don karo na biyu: babu maimaita bayanin kwastan, sai abin da ya sauya tun wancan saƙo, in kuma babu a faɗi haka ƙarara. Karo na uku ba shi da layi a rumbu, da gangan. Mai kula da ofis ne zai kira waya, sannan ya bi da gajeren imel na abin da aka yi magana.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Rukunin L ya tsaya a layi biyu, kuma da alama ba zai wuce haka ba. L1 yana karɓar ƙorafi: ya nemi hoton kwali ta waje kafin a zubar da shi, hoton abin da ya lalace, da lambar rasit, ya faɗi ranar da za a ba da amsa. L2 yana sanar da cewa an miƙa maganar ga mai yanke hukunci. Babu layin da ke cewa za a biya ko ba za a biya ba. Jimlar diyya da aka shirya tun kafin a ga kaya za ta fita wata rana daga hannun wanda ba shi da ikon yin alkawarin, kuma abin da aka rubuta ya zama hujja. A gidan "wanda ke da ikon aikawa" an rubuta kowa a L1, mai kula da ofis kaɗai a L2.

An cire "muna matuƙar baƙin ciki" daga L1. Ga wanda kwalinsa ya ɗan lotse ya yi yawa, ga wadda kayan auren 'yarta suka jiƙe ya yi kaɗan. An bar wurin da umarni: mai amsa ya rubuta jimla ɗaya da hannunsa wadda ta ambaci abin da ya lalace da sunansa.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar, 1 ga Maris, lokutan ofis sun sauya zuwa awa shida. Layuka shida ne ke ɗauke da lokacin buɗewa a cikinsu, kuma sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya a jadawali da kuma a Gmail, tunda gyaran jadawali ba ya taɓa abin da aka adana a can. An cire lokacin daga dukkansu aka mayar da shi cikin sa hannun ofis, inda gyara ɗaya ya wadatar. Haka za a yi da adireshin sito da farashin kilo: duk abin da ke sauyawa da lokaci ba ya zama a cikin jimla.

Rumbun yana da layi 27 yanzu. Ma'aikaciyar lissafi ce ke riƙe da ikon gyara jadawalin, sauran suna da ikon sharhi kawai, kuma ranar Alhamis ta farko a kowane wata za a duba layukan da ba a yi amfani da su ba a cire su. Na Larabci zai biyo baya bayan Sallah, farawa da T1 da T2 da ake aika wa masu shagunan da ke kawo kaya sito. Ba za a juya na Hausa kai tsaye ba, wanda ya yi karatu a nan zai rubuta su sabbi. Kafin nan akwai gwajin da ya rage: lambar kontena mai haruffan boko tana iya hargitsa jerin kalmomi idan ta faɗo tsakiyar layin da ke tafiya daga dama zuwa hagu, don haka za a gwada ajiye ta a layinta ita kaɗai, a duba yadda take fitowa a kwamfuta da waya.